Yadda Ake Lissafin Zakkar Zinariya da Hannun Jari da Kuɗin Ajiya

Da yawa daga cikin masu dukiya, idan lokacin fitar da zakka ya gabato, sukan buɗe littafin banki su ƙidaya abin da ke ciki, su manta da zinariyar da ke kulle a akwati da takardun hannun jarin da aka saya tun bara, alhali kuwa shari'a tana kallon waɗannan duka a matsayin dukiya guda, wadda ake haɗawa a rana guda, a auna ta da ma'auni guda.

Ma'aunin nan shi ne nisabi, watau miskali 20 na zinariya, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da giram 85 na tatacciyar zinariya. Duk wanda ya mallaki wannan ko ƙimarsa, shekara ta kewayo masa bisa lissafin watannin Musulunci, to wajibi ne ya fitar da rubu'in ushiri, watau ɗaya daga cikin arba'in. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta akasarin mutanenmu suke, ribar ciniki tana bin shekarar uwar kuɗinta, saboda haka ba a ware ribar da ta shigo daga baya a ce sai ta cika tata shekarar.

Bari mu buga misali da wani attajiri mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda shekararsa ke cika ran 1 ga Ramalan, mu kuma ƙaddara cewa giram ɗin tatacciyar zinariya naira 100,000 ne a ranar, nisabi ya kama naira 8,500,000 ke nan. Yana da sarƙoƙi masu nauyin giram 120, waɗanda ya saya domin ajiya. Da na adon iyalinsa ne, da babu zakka a kansu a wurin Malikiyya, ko da yake Hanafiyya sun wajabta, amma tun da taskace su ya yi, hukuncinsu hukuncin kuɗi ne. Kasancewar 'yan karat 21 ne, kashi bakwai cikin takwas ne tsantsar zinariya, watau giram 105, wanda ƙimarsa naira 10,500,000 ce. A banki kuma yana da naira 6,000,000 na ajiyar kasuwanci, bayan ya tsame kuɗin ruwan da aka ƙara masa, domin wannan haramun ne, rabuwa da shi ake yi, ba ya kuwa tsayawa a madadin zakka.

Hannun jari shi ne inda niyya take raba hukunci biyu. Wanda aka saya domin a sayar da zarar farashi ya motsa, hajar ciniki ne, kuma mai shi kamar ɗan kasuwar da fuƙaha'u suke kira mudiri ne, wanda ke yi wa hajarsa ƙima kowace shekara da farashin ranar. Attajirinmu ya sayi irin wannan a kan naira 2,000,000, yau kuwa ya kai 3,000,000, to 3,000,000 zai rubuta. Amma wanda aka riƙe domin cin ribar shekara shekara, ba a zakkar gine-ginen kamfani da injinansa, sai a duba rahoton shekara a ga rabon da tsabar kuɗi da hajar sayarwa da bashin da ake sa ran biya suka ɗauka. Idan nasa na naira 5,000,000 ne, rahoto kuma ya nuna kashi 30 cikin ɗari, sai ya rubuta 1,500,000. In kuwa kamfanin ya riga ya fitar da zakka a madadin masu jari, to ta faɗi a kansa, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta zartar a 1988.

Idan aka tara waɗannan huɗu za a sami naira 21,000,000. Ana binsa bashin 1,000,000, ba shi kuma da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa, wanda shi ne sharaɗin Malikiyya kafin a cire bashi, saboda haka saura 20,000,000, zakkarsa kuwa naira 500,000. Atamfar da ke shago ita ma sai ya yi mata ƙima ya ƙara a kai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya auna kowace dukiya ita kaɗai, ya ga ajiyarsa ta banki ba ta kai nisabi ba, ya yi shiru. Saboda haka, ya kai mai karatu, ka tsayar da ranarka, ka tambayi farashin zinariya a wurin masu sayar da ita, ka haɗa kome a takarda guda. Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, amin.