Wasiƙar Soja a Cikin Ƙagaggen Labari

Wasiƙa cikin labari baki biyu gare ta: ɗaya na faɗi, ɗaya na ɓoyewa. Alal misali, a ƙaddara wani ɗan Sarkawan Yawuri yana bakin dāga a yaƙin basasa, cikin 1968, shekarar da aka tare Kwara a Kainji. Ya aiko wa mahaifiyarsa: "Inna, lafiyata lau. A bar wa ƙanena jirgina da taruna." Mai karanta mata kuwa ya lura rubutun ba nasa ba ne. Nan makaranci zai fahimta hannun ya tafi, sana'ar su ta ƙare. Sharaɗin dabarar shi ne kada sojan ya ambaci raunin; in ya ambata, wasiƙar ta koma rahoto kurum.