Kura ce ko Jazira? Yadda ake gane wuri a hoton sama

A ce an turo maka hoton da jirgi marar matuƙi ya ɗauka: gonaki kore shar da rani, magudanan ruwa, kwalta guda, da ƙauye a gefe. Wani ya ce Kura ce ta jihar Kano, wani ya rantse Jazira ce ta Sudan. Duk biyun noman rani ake yi, don haka launin kore ba zai raba gardama ba.

Fara da girman gonakin, amma sai ka samu ma'auni. Filin ƙwallo ya isa, tunda tsawonsa kusan mita 100 ne. A Jazira, wadda aka fara shayarwa daga madatsar Sennar a 1925, an yanka ƙasar dogo-dogo, kowane yanki tsawonsa ya haura kilomita guda, faɗinsa kusan mita 280, an jera su reras a kan baƙar laka. A Kura da Kadawa kuwa, inda ruwan ke zuwa daga madatsar Tiga, manyan magudanai a miƙe suke, amma tsakaninsu gado da saye sun daddatsa gonakin ƙanana-ƙanana: nan shinkafa, can tumatur, gaba kaɗan fili a huce. Daga sama sai ka ga kamar rigar da ta sha faci.

Rufin gidaje ba abin dogaro ba ne sosai. Kwano mai tsatsa gauraye da soro yana nuna ƙasar Hausa, amma kwano ya game ko'ina, kuma unguwa kan sake kama cikin 'yan shekaru. Masallaci ya fi faɗin gaskiya, domin shi ba ya bin layin titi, alƙibla yake bi. A Kano tana gabas ne da ɗan karkata arewa, kusan digiri 70 daga arewa, a Wad Madani kuma wajen digiri 40. Sai dai dole ka san ina ne arewa, kuma saman hoton jirgi ba lalle ya zama arewa ba. A nan mutane da yawa ke ɓata. Inuwa ce mafita: da tsakar rana a watan Disamba, gajeriyar inuwar bishiya arewa take nunawa a wuraren biyu.

Idan alamu sun karkata ga Kura, buɗe Google Earth ka bi titin Kano zuwa Zariya, kana neman inda magudana ta ratsa kwalta da irin kusurwar da ke hotonka. Kada ka gamsu da wannan kaɗai. Lanƙwasar hanyar ƙauyen da mazaunin masallacin su ma su dace. Ka kuma duba shekarar hoton tauraron ɗan'adam ɗin, don gidan da ke hotonka wataƙila lokacin ba a ko haƙa harsashinsa ba.