Ko Kun Sani? Jerin da Aka Sa a Tsakiya

Ɗaliban lissafi a Diffa sun san ƙa'idar jandarmomi: jerin da ke tsakanin wasu jeri biyu masu nufar iyaka ɗaya, dole shi ma can zai nufa.

Ɗauki uₙ = n!·sin(n)/nⁿ. Shi sin(n) ba ya tsayawa wuri guda, amma bai taɓa fita daga tsakanin −1 da 1 ba. Idan aka warware n!/nⁿ, za a sami (1/n)(2/n)…(n/n), kuma babu ɓangaren da ya haura 1, don haka dukansa bai wuce 1/n ba. Ke nan −1/n ≤ uₙ ≤ 1/n, iyakarsa sifili.

A kula: idan jeri biyun da ke gadinsa suka nufi wurare dabam-dabam, ƙa'idar ba ta yanke hukunci.