Yadda malami zai raba makin rahoton haɗin gwiwa ba tare da tauye haƙƙin ɗalibi ba

A makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, malami kan haɗa ɗalibai su yi bincike tare, su miƙa rahoto guda. Rahoton yana nuna ingancin aikin, amma ba ya nuna wanda ya yi shi. Shi ya sa ya kamata a raba makin gida biyu tun ranar da aka ba da aikin.

A ɗauka ɗalibai huɗu ne suka binciki farashin gero a kasuwannin Roni da Gwiwa. Malami ya ware maki 60 ga rahoton, wanda duk za su samu daidai, da 40 ga ƙoƙarin kowane ɗaya. Rahoton ya ci kashi 70 cikin ɗari, wato 42 ke nan ga kowa. A cikin 40 ɗin, 25 na amsa tambayoyi ne baki da baki, 10 na littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na mako-mako malami yana sa hannu, 5 kuma na shaidar abokan aiki. Wanda ya samu 34 ya tashi da 76, wanda ya samu 9 ya tashi da 51.

Sai dai akwai tarko a lissafin. Inda makin tsallakewa 40 ne, ɗalibin da bai taɓuka komai ba ya riga ya haye da 42 na gumin wasu. Maganinsa shi ne a gindaya sharaɗi cewa sai mutum ya samu aƙalla 16 a kasonsa kafin a ce ya ci, ko a mayar da rabon 50 da 50, yadda rahoton zai ba shi 35 kacal.

Kuskure ne a auna ƙoƙari da yawan shafuka. Wanda ya yini cikin rana yana tambayar 'yan kasuwa kuɗin tiya mai yiwuwa bai rubuta babi ko ɗaya ba, alhali a kan alƙalumansa rahoton ya tsaya. Littafin mako-mako ne ke ƙwato masa haƙƙinsa. A wajen tambayoyi kuwa, a ware kowa shi kaɗai, a tambaye shi dalilin bambancin farashi tsakanin kasuwannin biyu, ko da ba shi ya rubuta wannan sashe ba. Wanda ya haddace babinsa kawai nan take zai fara kame-kame.

Shaidar abokai kuwa da gangan aka rage mata nauyi, domin kara da kunya kan hana ɗalibi tona asirin ɗan garinsu. Idan dukansu suka ba juna 5 cif, malami ya karɓi shaidar a asirce, a rubuce, ya gwada ta da abin da littattafansu suka nuna.