Kumburin Yashi: Lokacin da Kwano Huɗu Ba Huɗu Ba Ne

Duk wanda ya taɓa sayen gari a kasuwa ya san cewa mudun garin da aka tankaɗe yanzu-yanzu ya fi na wanda ya kwana a buhu rashin nauyi. Mudu ɗaya ne, an kuma cika shi har baki, sai dai iska ce ta cinye wani ɓangare na wurin. Irin wannan yana faruwa a wurin gini, musamman da damina, kuma ba kowane birkila ne ke lura da shi ba. Yashi mai danshi yana kumbura. Idan aka auna shi da kwanon sarki ko baro, sai ya cika ido, alhali bai cika awo ba.

Busasshen yashi yana zuba kamar gero, kowace ƙwaya ta gangara ta cike gurbin da ta samu. Da ɗan ruwa ya taɓa shi, sai kowace ƙwaya ta sami siririyar rigar ruwa, ta liƙe wa maƙwabciyarta a inda suka haɗu, ta ƙi gangarawa. Sai ƙananan kogunan iska su cika tsakaninsu, tsibin ya tashi. Kumburin ya fi tsanani idan ruwan ya kai wajen kashi 5 cikin 100 na nauyin yashin, wato daidai lokacin da za ka dunƙula shi a hannu ya tsaya curi ba tare da ya ɗiga ba. A nan girmansa kan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, yashi mai laushi irin na filasta kuma har ya kusanci 40. Tsakuwa ba ta da wannan hali, domin nauyin ƙwayarta ya fi ƙarfin ɗan ruwan da zai riƙe ta.

Abin mamakin shi ne, idan ruwa ya yi yawa har ya shanye kan yashin, kumburin sai ya sace. Ƙwayoyin su saki juna, su kwanta kamar yadda suke a bushe. Wannan hali nasa shi ne ya ba mu hanyar gwaji, kuma ba ta buƙatar komai sai kwalba ko gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, da rula, da ruwa.

A ɗebo yashin daga cikin tsibin da za a yi aiki da shi, ba daga saman da rana ta busar ba. A zuba shi a kwalbar sako-sako, kamar yadda lebura ke zuba shi a kwano da shebur, ba dannawa ba girgizawa, a baje samansa a auna tsawonsa. Mu ɗauka ya kai santimita 20. Sai a juye shi a faranti ba tare da an zubar da ko kaɗan ba, a sa ruwa a kwalbar zuwa rabi, a riƙa mayar da yashin kaɗan-kaɗan ana tsokana shi da guntun rodi don iska ta fita. Idan ya kwanta a ƙarƙashin ruwan, a sake aunawa. Mu ce yanzu ya tsaya a santimita 16.

Bambancin santimita 4 ne. A raba 4 da 16, a ninka da 100, za a sami 25. Yashin ya kumbura da kashi 25 cikin 100 ke nan. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: sai su raba da 20, su sami kashi 20. Da tsawon da ya kwanta ake rabawa, domin shi ne ainihin yashin, kuma a kansa aka tsara awon kwaɓi.

To, mu kai lissafin wurin aiki. Ana zubin dakin da kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 yana ɗaukar wajen lita 35, kuma maginanmu kan lissafa shi kwanon sarki biyu. Kowane buhu yana neman kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Amma idan yashin irin wanda muka gwada ne, kwano 4 ɗin da lebura ya juye kwano 3.2 ne kawai a cikinsu, sauran iska ce. Kwaɓin ya tashi daga 1:2:4 ya koma 1:1.6:4 ba wanda ya sani. A buhu 100, an yi giɓin kwano 80 na yashi.

Gyaran ba wuya. A ninka awon yashin da 1.25, wato 20 a raba da 16. Kwano 4 ya zama kwano 5 ga kowane buhu. Siminti da tsakuwa kuwa a bar su yadda suke.

Wani zai ce ai ƙarancin yashi riba ce, tunda siminti ya fi yawa. Ba haka abin yake ba. Aikin yashi da siminti shi ne su zama kunun da zai cike ramukan da ke tsakanin tsakuwa. Idan kunun ya gaza, kwaɓin sai ya yi garas-garas, tsakuwa na warewa gefe, shebur na ƙara a cikinsa, ya ƙi shiga tsakanin roduna. Ranar da aka cire katako sai a ga jikin ginshiƙi da ramuka kamar saƙar zuma, ta nan ruwa zai bi ya kai ga rodi ya sa shi tsatsa. Ga shi kuma kankaren da kowane buhu ke bayarwa ya ragu, siminti ya ƙare aiki bai ƙare ba, mai gida ya fara kallon leburori da zargi. Mafi muni, masu kwaɓi idan suka ga ya yi tauri, ruwa suke ƙara masa, ruwan da ya wuce kima kuwa shi ke kashe ƙarfin kankare.

Wannan ya kawo mu rabin gyaran da aka fi mantawa. Yashin da ya kumbura ya zo da guzurin ruwansa. Yashin buhu ɗaya ya kai wajen kilo 110 a bushe, kashi 5 cikin 100 na wannan kuwa ya ɗan haura lita 5. Idan injiniya ya ce lita 25 ga kowane buhu, abin da za a zuba daga jarka wajen lita 20 ne. Mai son ya tabbatar, ya auna kilo ɗaya na yashin, ya soya shi a kasko har ya bushe, ya sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan.

Sai dai adadin da aka samu da safe ba lalle ya kai la'asar ba. Rana na busar da tsibi, yayyafi na jiƙa shi, tifar da ta taso daga bakin kogi kuma yashinta daban da wanda ya yi mako a fili. Don haka a maimaita gwajin duk lokacin da aka sauke sabuwar tifa, ko aka yi ruwa, ko yashin ya sauya a hannu. Wanda ya ƙara kwano na biyar a kan busasshen yashi shi ma ya ɓata kwaɓi, ta ɗaya gefen. Manyan kamfanoni sun huta da yawancin wannan wahala saboda da sikeli suke awo, iska kuma ba ta hawa sikeli. Mai awo da kwanon sarki kuwa, kwalba da rula su ne sikelinsa, kuma minti 10 ya ishe shi kafin a farke buhun farko.