Wakilcin Ɗan'uwa a Sayen Gona: Abin da Mai Ci-rani Ya Kamata Ya Sani

 Ya ƴan'uwa Musulmi, karatunmu na yau a kan wata mas'ala ce da ta shiga gidaje da yawa a Yekuwa da sauran garuruwan ƙasar Magariya da Dungas. Matasanmu suna Kano da Legas, wasu suna Libiya da Aljeriya. Kowane burinsa ya mallaki gona a gida, ga shi ƙasa ta yi ƙaranci, mutane sun yi yawa. Sai ya aiko kuɗi hannun ɗan'uwansa ya ce a saya masa. Wannan shi ake kira wakilci a fiƙihu, kuma halal ne. Amma halaccinsa bai hana a yi asara a cikinsa ba, ko da wakilin mai gaskiya ne.

Bari mu buga misali. A ɗauka wani yana aikin gini a Sabha, ya aiko wa ƙanensa jika 900 a kashi uku. Ƙanen ya sayi gona gaban mai gari. Da aka zo rubuta takarda, aka sa sunan wanda ya miƙa kuɗi, domin shi aka gani. Bai yi nufin cuta ba, cewa ya yi ai duk gida ɗaya ne. Ya noma gonar shekara shida, yana ɗebar wa iyalin wansa damman hatsi kowace kaka. Sai ajali ya riske shi, ya bar mata da ɗa namiji. Da aka zauna rabon gado, aka lissafa gonar cikin dukiyar mamaci.

To, ina matsayin mai kuɗi? Ta hanyar gado ba shi da komai, domin ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwan mamaci. Abin da ya rage masa shi ne da'awa, kuma ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa. Gona tana hannun magada, takarda tana ɗauke da sunan ubansu, maƙwabta kuma sun shaida shi ke nomanta. Idan ya kawo rasit na aiken kuɗi, za a ce masa: wannan ya nuna ka aiko, bai nuna don me ka aiko ba. Watakila kyauta ce, watakila na cefanen mahaifiya ne. A mazhabar Malikiyya ana tabbatar da dukiya da shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Amma maganar da aka yi ta waya tsakanin wa da ƙane, babu na uku, wa zai shaide ta? Ga kuma marayu a tsakani, waɗanda waliyyinsu ba shi da ikon sallama dukiyarsu don kunya. Nan zumunci yake tsagewa, alhali babu ɓarawo a cikinsu.

Gaskiya ne, daɗewar gona a hannun ɗan'uwa ba ta mayar da ita tasa. Malamanmu sun ce hauzi na shekara goma yana yanke da'awar wanda yake nan, yana gani, ya yi shiru. Bai hau kan wanda ke nesa ba, kuma tsakanin dangi wannan wa'adin bai isa ba. Sai dai wannan yana amfanin wanda ya riga ya tabbatar gonar tasa ce tun asali. Wanda bai da hujjar asali, hukuncin hauzi ba zai ƙirƙiro masa ita ba.

Haɗari na biyu yana wajen mai sayarwa. Gonaki da yawa a ƙasarmu na gado ne da ba a raba ba. Idan ɗaya daga cikin magada ya sayar da gona duka, cinikinsa a kan rabon sauran yana rataye ga yardarsu. Idan rabonsa kaɗai ya sayar kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a: su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Amma wanda yake tafiya, nasa yana nan har ya dawo. Ke nan kana iya saye yau, bayan shekara biyar wani ya sauko daga Aljeriya ya mayar maka da kuɗinka na da, alhali farashin ƙasa ya tashi. Haka nan gonar da ke jingina a hannun wani, ko wadda ta ci burtali. Dokar makiyaya ta 2010 ta sa burtali da makiyaya cikin dukiyar al'umma, ba a sayar da su; ranar da aka zo kafa alamomi, abin da ya shiga ciki ya tafi. Alamar irin wannan ciniki ita ce araha da gaggawa, da mai sayarwa ya ce kada a sanar da ƴan'uwansa, ko ya ƙi a taka iyaka da rana.

Na uku, kai wakili, ka sani amintacce ne kai, ba ɗan kasuwa ba. Idan ka saya jika 800 ka ce 900, ɗarin nan ha'inci ce, ba ladan wahala ba. In kana son lada, ka faɗa tun farko a yanka maka. Kada ka sayar wa mai wakilta ka gonarka ko ta ɗanka ƙarami ba da saninsa ba. In kuma ka biya mai gona babu shaidu, ya musanta, malamai sun ɗora maka lamuni.

Magani ba shi da tsada. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ga ciniki ta sauka. Da farko, mai ci-rani ya kafa wakilcin gaban shaidu biyu da ba ƴan gidansu ba: ya kira waya suna ji, ya ambaci gonar da iyakar kuɗin, liman ko wani mai alƙalami ya rubuta. Sa'an nan a tambayi mai gari asalin gonar, a ji bakin kowane magaji, har mata, domin su aka fi mantawa. A taka iyaka ta fuska huɗu tare da maƙwabta, a dasa alama.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye: Kofob a gari, wanda mai gari ke shugabanta, Kofokom a kwamin, Kofodef a dafartama. A karɓi takardar saye ta hanyarsu, a rubuta sunan mai kuɗi da na mahaifinsa a gurbin mai saye, ɗan'uwa kuma a ambace shi wakili kurum. A ɗauki hotonta a aika masa, wanda ya iya karatu ya karanta masa. In ɗan'uwan ne zai noma, a yi takardar aro dabam, domin ƴaƴansa su tashi sun san aro ne.

Wani zai ce, yaya zan nemi takarda wurin ɗan uwata? Ka tuna misalin da ya gabata: ba ƙanenka kake tuhuma ba, mutuwa da mantuwa kake yi wa tanadi. Wanda ya san akwai gonar wani da sunansa, ya tara shaidu ya gyara kafin watan nan ya fita, kada ya bar wa marayunsa abin da ba nasu ba.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya tsare mana zumunci, Ya dawo da matafiyanmu lafiya.