Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Cikin tsofaffin ɗalibaina da ke aiki a yankin Ikara, Makarfi da Kudan, kukan da na fi ji bayan na albashi shi ne na abokin aiki mai ci da gumin wani: kai ka yi wahala, shi ya miƙe a taro ya karɓi yabo. Amsata a kullum ita ce, a aikin ofis takarda ce shaida. Kwamitin ƙarin girma ba ya halartar taronku, fayil yake karantawa.

Mu ɗauka malamin gona ne ya yi mako uku yana zagaya gonakin tumatir daga Hunkuyi zuwa Ikara, yana ƙirga waɗanda tsutsa ta ɓata, irin wadda ta yi ɓarna a Jihar Kaduna a 2016. Ya ba abokinsa alƙaluman da baki, ranar taro sai abokin ya ce, "Na gano." Tun daga wannan mika ta baki aka ci shi. Da ya rubuta rahoto mai shafi ɗaya, da suna da kwanan wata, ya shigar ta hannun akawu kwana biyu kafin taro, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa, da maganar ta isa gaban shugaba da sunansa.

A cikin taron kuwa, kada ya ce an yi masa sata, domin a wurinmu wanda ya ɗaga murya shi ake kira marar kunya ko da shi ke da gaskiya. Ya isa ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in ƙara bayani kan yadda na tattara alƙaluman." Mai aro ba ya sanin gonar da aka fara da ita, ko dalilin da ya sa aka tsallake wata.

Dama ta ƙarshe tana zuwa a taro na gaba, lokacin da sakatare ya karanta bayanan taron baya. Kafin a amince da su kowa na da ikon neman gyara. A nan zai nemi a rubuta sunan wanda ya shirya rahoton. Da zarar shugaba ya sa hannu, abin da ke rubuce ya zama tarihi.

Sai dai a bambance. Shugaban sashe da ya ce "mun yi" aikinsa yake yi. Wanda ya maimaita "na yi" sau biyu, sau uku, bayan an yi masa magana a keɓe, shi ne ya cancanci a kai batunsa gaba, da kwafin takardu a hannu.